Daga Suma Zuwa Saisaye: Kundin Aikin Gyaran Wani Hoto

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Aikin da ya shigo situdiyonmu da ke titin Gidan Zoo hoton wani matashi ne, daga ƙirji zuwa sama, wanda aka ɗauka ranar walimar kammala karatunsa. A lokacin ya tara suma sosai, har ta sauko ta rufe saman goshinsa da saman kunnuwansa. Mahaifinsa yana so a buga hoton babba, inci 16 a faɗi da 20 a tsawo, a sa a firem a rataye a falo, amma da saisaye yake son ganin ɗansa. Ba a iya maimaita hoton, domin rigar bikin ta aro ce. Shi mai hoton ya amince da gyaran, kuma yanzu saisayen ne a kansa, abin da zai sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. Mun gaya masa tun farko cewa hoton bango ne wannan, ba a kai shi wajen fasfo ko katin shaida.

Kwafin da ya fara turowa ta WhatsApp ya tsuke, gashin duk ya dame. An sake turo asalin fayil ɗin a matsayin `Document`, ya zo da girmansa, fiksel 4,000 a faɗi da 6,000 a tsawo. In an yanke shi daidai da firem za a samu fiksel 250 a kowane inci, kuma wannan ya isa. A cikin Photoshop, `File > File Info` ya nuna sunan kyamarar, da gilashi mai milimita 85, da `f/5.6`, da `ISO 200`. An ajiye waɗannan, za a buƙace su. An kuma mayar da fayil ɗin `16 Bits/Channel` kafin a taɓa komai, don kada goshi ya yi zara-zaran layuka idan aka fara ɗaga inuwa.

Rage gashi ya fi ƙara shi wuya, domin duk abin da sumar ta ɓoye sai an samar da shi. A nan abu uku ne a ɓoye: siffar ƙoƙon kai, da bakin gashi, wato inda gashi ya ƙare fatar goshi ta fara, da kuma ainihin hasken goshin, wanda inuwar suma ta danne.

Talata, 7 ga Janairu

Yau awo kawai aka yi, ba a goge komai ba.

Abu na farko shi ne sanin fiksel nawa ne milimita ɗaya a fuskar wannan mutum. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon babban mutum tana kai wa kimanin milimita 63. A hoton, `Ruler Tool` ya ba mu fiksel 570, don haka milimita ɗaya ta kama fiksel tara ke nan, ko kusa da haka. Wannan lissafi ɗaya zai yanke mana hukunci da yawa nan gaba. Alal misali, silin gashi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a kauri, wato bai cika fiksel ɗaya ba a wannan hoto. Duk wanda ya zana sili da burushi mai fiksel huɗu ko biyar, abin da zai fito ba gashin mutum ba ne.

Sai tsawon kai. Idan kyamara tana daidai da idon mutum kuma bai ɗaga haɓa ba, idanu suna zama kusan tsakiyar kai, tsakanin haɓa da ƙololuwar ƙoƙo. Mun tabbatar kansa a daidai yake ta hanyar duba ƙasan kunne, wanda ya yi layi ɗaya da ƙasan hanci. Da ya ɗaga haɓa, da kunnen ya sauka ƙasa da hancin. Daga layin ido zuwa haɓa fiksel 1,040 ne, sai muka ja layin jagora a fiksel 1,040 sama da ido. Nan ƙoƙon ya tsaya. Sumar ta wuce wannan layi da kusan fiksel 500.

Bakin gashi kuwa, masu zane sun daɗe suna raba fuska gida uku: haɓa zuwa ƙasan hanci, ƙasan hanci zuwa tsakanin gira, tsakanin gira zuwa bakin gashi. Biyun farko sun ba mu 615 da 560. Wannan yana nuna bakin gashin zai faɗo wajen fiksel 560 zuwa 620 sama da gira. Amma rabon nan ƙiyasi ne kawai, mutane sun bambanta, wani goshinsa faffaɗa wani ƙarami. Abin da ya fi shi shi ne shaida daga hoton kansa. Da aka ɗora `Curves` na wucin gadi aka haske duhun sosai, sai ga wani ɗan wuri a hagun hoton inda sumar ta tsage, ana ganin tushen gashi a kan fata, fiksel 600 sama da gira, kimanin santimita shida da rabi. Mun kafa layin jagora a wurin. Ra'ayinmu shi ne aski yana canzawa amma bakin gashi na mai shi ne, ba a matsar da shi don a ƙawata mutum. Ana sauko da shi da faɗin yatsa ɗaya, 'yan gidansu za su ce hoton ya yi kama da shi amma ba shi ba ne, ko da ba su iya nuna inda matsalar take ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Mai hoton ya zo an ɗauki hoton kansa na yanzu. Gashin da ya fi dacewa da mutum nasa ne, da irin murɗewarsa da kaurinsa da kwanciyarsa, don haka ba mu nemi na wani ba.

Ranar Asabar ya yi aski, da kilifa lamba biyu, wadda take barin milimita shida. Mun so ya ɗan kwana biyu kafin ya zo, saboda ranar aski layin gyaran fuska yana da kaifi ƙwarai, kuma fatar da reza ta bi tana fitowa da haske fiye da sauran goshi. A hoto sai ta zama kamar an zana da alƙalami, mai kallo ya ɗauka gyaran kwamfuta ne alhali gaskiya ce. Gashi yana tsirowa kusan sulusin milimita a rana, to daga Asabar zuwa yau ya fito da fiye da milimita ɗaya, layin ya yi laushi amma siffarsa tana nan.

An maimaita yanayin tsohon hoton gwargwadon iko: kyamara mai faɗin firem iri ɗaya, gilashi 85, `f/5.6`, `ISO 200`. Nisan kyamara an samo shi ne ta matsawa gaba da baya har tazarar idanunsa ta zama fiksel 570 a sabon hoton, wanda ya kama kimanin mita ɗaya da santimita 65. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka ɗauka daga kusa aka rage girman daga baya, goshi zai kumburo, kunnuwa su ɓuya a bayan kai, ba zai taɓa hawa kan tsohuwar fuskar ba.

Wurin fitila kuwa idonsa ne ya gaya mana. A tsohon hoton ɗigon haske yana sama ta hagu a cikin kowace ƙwaya, zagayayye, alamar fitila mai laima. Inuwar hanci ta faɗa ƙasa ta dama. Mun riƙa matsar da tamu fitilar har ɗigon da inuwar suka zauna wuri ɗaya da na farko. An buɗe tsohon hoton a waya ana kwatantawa, ana ce masa, "Malam, ɗan juyo kaɗan, sauke haɓa, yi murmushin nan na ranar." Murmushin yana da amfani ko da ba fuskarsa muke so ba, domin a tsohon hoton ya ɗan ɗaga gira, kuma ɗaga gira yana tattare fatar goshi.

Hunturu ya sa fatarsa ta yi furu-furu, alhali tsohon hoton lokacin zafi ne, goshi yana ƙyalli. An ba shi man shafawa kaɗan. An ɗauki hotuna da dama da juyin kai daban-daban, a gaban labule mai ruwan toka kamar na asalin.

Alhamis, 9 ga Janairu

An cire suma. An buɗe sabuwar leya, aka cike gurbin da `Gradient Tool` da launukan da aka ɗebo daga labulen asali, gefen hagu mai haske, dama mai ɗan duhu, aka rufe sumar gaba ɗaya har zuwa layin ƙoƙo. A kula da 'yan silin da suka watsu can nesa da sumar. Su ne ake mantawa, sai a ga gashi yana shawagi shi kaɗai a kan labule.

Sai ɗora sabon kan. An sa shi a `Opacity` 50, aka daidaita da `Ctrl+T` ba tare da an ja faɗi daban da tsawo ba. Wuraren da ake haɗawa su ne waɗanda ba sa motsi: ƙwayar ido, kusurwar ido ta wajen hanci, da ƙasan hanci. Ba a dogara da baki ko haɓa ko gira. Hoton da ya fi kusa ya hau daidai a idanu, ƙololuwar kansa ta faɗo kusan kan layin da muka ja, bakin gashinsa kuma ya zauna a 605 inda muka auna 600. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, aikin reza ne.

Gefe ɗaya ne bai hau ba. A sabon hoton ya juya kai fiye da na da da ɗan kaɗan, sai gefen goshinsa na dama ya tsuke, ya bar giɓi mai faɗin fiksel 70 tsakanin kusurwar askin da inda ya kamata ta kai. An gwada jan wurin da `Warp`, murɗaɗɗen gashin ya miƙe ya zama dogo-dogo, ya bambanta da na kusa da shi. An mayar. Za a cike wurin da hannu.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ce ranar mahaɗa, wato inda sabon hoton zai haɗu da tsohon, kuma a nan yawancin irin wannan aiki yake lalacewa.

Abin da hannu yake saurin yi shi ne a bi bakin gashi da `Pen Tool` a yanke shi tsaf, a manna a kan tsohon goshi. Sakamakon kullum ɗaya ne, gashin ya zauna kamar hular da aka kifa wa mutum. Dalili kuwa shi ne bakin gashi ba layi ba ne, fili ne mai faɗin rabin santimita zuwa santimita ɗaya. A bayansa gashi yana da yawa, fata ba ta ganuwa. Idan aka matso gaba sai ya riƙa raguwa, silin su sirance, fata ta fara leƙowa tsakaninsu, har a zo ga 'yan ƙananan da sai an kusanto ake gani. Ko wanzami ya bi da reza, tushen da ya rage a cikin fata yana ba wurin wani duhu mai ruwan toka. Duk wannan wuƙar yanka take zubarwa.

Saboda haka ba mu sa mahaɗar a bakin gashi ba sam. Mun sauko da ita cikin fatar goshi, kimanin fiksel 120 ƙasa da gashin, wato fiye da santimita ɗaya. Sabon hoton ya shigo da gashinsa da bakinsa da 'yar inuwarsa da ɗan yankin fatarsa, duka a haɗe yadda kyamara ta gan su. Abin da ya rage mana shi ne haɗa fata da fata, wanda ya fi haɗa gashi da fata sauƙi nesa ba kusa ba. Wata fa'idar kuma, wannan yankin shi ne inda inuwar suma ta fi duhu, to sabuwar fatar ta rufe mafi muninta.

An zana `Layer Mask` da burushi mai laushi, girman fiksel 150, `Flow` 10, aka bar mahaɗar ta narke a faɗin fiksel 50 zuwa 60. Ba a ja ta a miƙe ba, an bar ta tana hawa tana sauka, domin ido yana saurin kama miƙaƙƙen layi a goshi ko da bambancin kaɗan ne. An kuma kauce wa tattarar fatar da ke saman girarsa ta hagu, kada rabinta ya zama na tsohon hoto rabi ya ɓace.

Daidaita fatar biyu ana yinsa bi da bi ne, haske tukuna, launi daga baya. Idan aka haɗa su lokaci ɗaya ido yana ruɗewa, a yi ta ƙara ja alhali duhu ne matsalar. Mun ɗora leyar dubawa cike da `50% Gray` a yanayin `Color`, hoton ya koma fari da baƙi. Muka dasa `Color Sampler Tool` a wuri biyu, ɗaya sama da mahaɗa ɗaya ƙasa, muka sa allon `Info` ya nuna `Lab`. Sabuwar fata ta ba da `L`, wato ma'aunin haske, 47, tsohuwar da ke ƙasa da ita 36, alhali tsakiyar goshi inda inuwa ba ta kai ba 46 ne. Wannan ya nuna laifin ba na sabuwar fata ba ne, ragowar inuwar suma ce har yanzu a kan tsohuwar. Da an bi ido kawai, da sabuwar za a duhunta don ta yi daidai, sai a samu mai saisaye da inuwar suma a goshinsa. Mutane ba sa iya faɗin sunan wannan kuskure amma suna jin sa.

Don haka tsohuwar aka ɗaga, da `Curves` a yanayin `Luminosity`, ana buɗe shi a hankali da burushi a inda inuwar take kawai, har ta kai 45. Fatar da aka ciro daga inuwa ba ta dawowa da launinta. A baƙar fata takan fito da toka-toka, wani lokaci da ɗigon ja da kore. A nan `a` da `b`, ma'aunan launi, sun tsaya a 11 da 13, na fatar da ke cikin haske kuwa 14 da 19. An gyara da leya a yanayin `Color`, ana ɗebo launi daga tsakiyar goshi ana shafawa da `Flow` 5.

Bayan haka an haɗe komai a leya ɗaya da `Ctrl+Alt+Shift+E`, aka raba fatar gida biyu, launi a ƙasa, ƙofofin fata a sama. Kwafin ƙasa ya samu `Gaussian Blur` na fiksel 8, wanda a wannan hoto shi ne daidai inda ƙofofin fata suka ɓace amma siffar goshi ta rage. Kwafin sama kuma, tunda fayil ɗin 16 ne, `Image > Apply Image` da wannan saiti, ana nuna masa leyar ƙasa:

```
Invert: ✓
Blending: Add
Scale: 2
Offset: 0
```

Sai a mayar da leyar sama `Linear Light`. Amfanin rabon a nan shi ne, a inda fata biyu suka narke cikin juna, ƙofofinsu suna cakuɗewa su kashe juna, sai a samu wani zare mai santsi ya ratsa goshi. A leyar sama muka ɗebo ƙofofi daga goshin da ke kusa da `Clone Stamp` mai kaifin baki, `Sample` a `Current Layer`, muka dasa a kan zaren. Daga goshi ake ɗebowa, ba daga kunci ba, domin na kunci sun fi girma.

Litinin, 13 ga Janairu

Ƙyallin goshi. A tsohon hoton akwai ƙyalli a hagun goshi wanda inuwar suma ta datse samansa a miƙe. Yanzu da babu suma, dole ya ci gaba ya hau. Ƙyallin nan shi ne yake nuna goshi a kumbure yake, musamman a baƙar fata, kuma idan aka goge shi gaba ɗaya don gudun wahala goshin zai baje. An ƙarasa shi a leyar `50% Gray` a yanayin `Soft Light`, da farin burushi `Flow` 2, ana bin siffar da sabon hoton ya nuna, ya dushe kimanin fiksel 70 kafin gashi, inda ƙashin ya fara karkata baya.

Sauran yinin ya tafi a giɓin nan na dama. An cike shi hawa uku.

Hawa na farko fatar kai ce, ba gashi ba. An shafa launin da aka ɗebo daga tsakanin gashin gefen hagu, mai duhu da toka fiye da goshi, a leyar `Multiply`, yana dushewa zuwa gaba. Idan aka tsallake wannan, duk gashin da aka zana zai zama kamar yana zaune ne a kan goshi, ba daga ciki ya tsiro ba.

Na biyu cikowa. Inda gashi ya yi yawa an ɗebo na gaske daga kusa da `Clone Stamp` a yanayin `Darken`, ana canza wurin ɗiba kowane ɗan lokaci, domin murɗe ɗaya in ya maimaitu sau uku a jere ido zai gane.

Na uku shi ne bakin, kuma shi aka zana. Gashin wannan mutum idan gajere ne ba ya miƙewa, yana lanƙwashewa ne ya yi ƙaramin baka mai faɗin milimita ɗaya zuwa biyu. Burushin gashi da ake saukowa da su daga intanet yawancinsu na miƙaƙƙen gashi ne, ba su yi mana amfani ba. Mun zana baka ɗaya mai faɗin fiksel 14 da layin fiksel ɗaya da rabi a kan fari, muka mayar da shi burushi da `Edit > Define Brush Preset`, da wannan saiti:

```
Spacing: 80%
Size Jitter: 40%
Angle Jitter: 100%
Scatter: 150%
Opacity Jitter: 30%
```

Launi daga gashinsa aka ɗebo, kala uku, mai duhu da matsakaici da na inda haske ya taɓa. Ba a amfani da baƙi ƙirin. Ana yawaita zanen a baya, ana ragewa zuwa gaba, layin ƙarshe kuma ɗaya-ɗaya da hannu, a rage girman burushi zuwa rabi. Ba a kwafo kusurwar hagu aka juya ta ba, duk da cewa ya fi sauri. Hasken zai zo ta gefen da ba daidai ba, kuma babu mutumin da kusurwoyin goshinsa biyu suke daidai da juna. Mun duba sauran hotunan Laraba, inda ya juyo da wannan gefen sosai, muka ga kusurwar dama ta fi ta hagu shiga ciki kaɗan, muka bi hakan.

Inuwar da ke ƙarƙashin gashin da aka zana 'yar siririya ce, fiksel 10 zuwa 12, `Multiply` a `Opacity` 20, da launin inuwar wuyansa, tana faɗawa ƙasa ta dama kamar ta hanci. Gashin milimita shida ba ya yin inuwar da ta wuce haka.

Laraba, 15 ga Janairu

Kaifi ba ɗaya ba ne ko'ina a kai. Kyamara ta saita ne a ido. Bakin gashi na gaba yana kusa da wannan zurfi, don haka yana da kaifi, gashin da aka zana a can `Gaussian Blur` na 0.7 kawai ya buƙata. Kewayen kai da kunnuwa kuwa suna baya da kusan santimita tara, kuma a tsohon hoton ƙasan kunne ya dushe da kimanin fiksel bakwai. Sabon hoton ya zo da wannan dushewar da kansa tunda saiti ɗaya ne, shi ya sa ba mu yanke kewayen da kaifi ba. An bar ɗan labulen sabon hoton ya shigo, aka sa gefen a yanayin `Darken`, gashin da ya fi labule duhu ya tsaya, labulen ya ɓace. Saman kunnuwa ma daga sabon hoton suka zo, mahaɗarsu tana cikin lanƙwasar kunne.

Labulen da aka zana da wuraren da aka shafa ba su da tsakin da kyamara take bari. An ɗora leyar `50% Gray` a `Overlay`, `Add Noise` 1.5, `Gaussian`, `Monochromatic`, a kan waɗannan wuraren kaɗai, ana kwatantawa a girman kashi 200 cikin ɗari.

An yi dubawa iri uku. An juya hoton da `Flip Canvas Horizontal`, siffar kan ba ta karkace ba. An ƙanƙanta shi zuwa girman hoton fasfo, inda tabon haske yake fitowa fili, ba a ga zare a goshi ba. An kuma ɗora `Curves` mai hawa da sauka da yawa, irin wanda yake tona ƙaramin bambanci, ya nuna ɗan zobe a labule daidai inda sumar ta tsaya a dama. An gyara.

Sai aka nuna wa wanzamin da ke maƙwabtaka da mu, ba tare da an gaya masa inda aka taɓa ba. Goshin bai tsayar da shi ba. Abin da ya ce shi ne, "Maigida, wanda ya yi wannan askin bai taɓa sajen ba." Gaskiya ce. Sajen na tsohon hoto ne, mai kauri, na lokacin suma, ga shi ya haɗu da gajeren gashi a gaban kunne ba tare da ya sirance ba. Ba wanzamin da zai bar shi haka.

Alhamis, 16 ga Janairu

An kai gwaji wajen masu bugawa a Sabon Gari. Ba dukan hoton aka buga ba, an yanko goshi da saman kai a ainihin girman da za su fito, a takarda inci 8 da 10. Mahaɗar goshi ba ta fito ba, ko a hasken rana ko a ƙarƙashin fitila. Amma gashin gefen dama, inda haske bai kai ba, ya dunƙule ya zama baƙi guda, murɗewarsa ta ɓace. A kwamfuta `L` ɗin wurin yana tsakanin 4 da 7, allo yana nuna bambancin amma takarda ba ta iya ba. Idan cikin gashi ya dunƙule haka, bakinsa ma yana komawa kaifin layi, wahalar Litinin ta tafi a banza. Za a ɗaga duhun zuwa 10 ko 12 da `Curves` a kan gashin kaɗai, ba tare da an taɓa fata ba.

Sajen za a ɗauko shi daga hotunan Laraba, ta hanyar da aka bi a goshi: mahaɗa a cikin fatar kunci, ba a bakin gashi ba. Na hagu zai hau kai tsaye. Na dama yana da matsalar juyin kai irin ta kusurwar goshi, kuma murmushin tsohon hoton ya ɗan ture kuncin sama, don haka sai an gwada hoto biyu ko uku a ga wanda ya fi kusa. Idan an gama za a sake buga gwaji, wannan karon a haɗa da kunne da saje, a takarda mai ƙyalli da marar ƙyalli, mahaifin mai hoton ya zaɓi wadda za a sa a firem.